Kansar huhu: ire-irenta da yadda hayaƙi ke canja shimfiɗar hanyar iska, tambayoyi da amsoshi

Tun bayan rasuwar wani kawuna da ciwon dajin huhu mutane ke ta yi min tambayoyi, a wajen zaman makoki da bayansa, saboda sun san aikina na jinya ne. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na ce bari in tattara su waje guda in amsa a tsanake yadda kowa zai gane.

Wai kansar huhu ba cuta ɗaya ba ce?

A'a, ba ɗaya ba ce. Sunan ne ɗaya. Idan aka yanko ɗan tsokar ƙarin aka sa a ƙarƙashin madubin likita, siffar ƙwayoyin halittar da aka gani ita ke raba ta gida biyu manya. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, wadda likitoci ke kira simol sel, ita ce wajen kashi 15 cikin 100 na masu cutar. Sauran wajen kashi 85 kuma ana haɗa su a ce "wadda ba mai ƙananan ƙwayoyi ba", wato sunan taro ne kawai, a cikinsa akwai adinokasinoma, akwai sikwamos, akwai kuma mai manyan ƙwayoyi wadda ita ce mafi ƙaranci a cikin ukun.

Dalilin raba su ba wai don a burge ɗalibai ba ne, maganinsu ne ya sha bamban. Mutum biyu za su iya kwanciya gado kusa da gado, duka an ce musu kansar huhu, amma ɗaya a shirya masa tiyata ɗayan kuma a ce masa tiyata ba za ta yi masa amfani ba sai kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa. Dangi su ga kamar an nuna bambanci, alhali cutar ce ba iri ɗaya ba.

Toh mene ne bambancin adinokasinoma da sikwamos?

Ka ɗauki huhu kamar bishiya ce da aka juya kanta ƙasa. Maƙogwaro shi ne gindin, ya rabu biyu dama da hagu, kowanne ya yi ta rabuwa yana ƙara sirancewa har a kai can ƙarshe inda ƙananan jakunkunan iska suke.

Sikwamos ta fi son tsakiya, manyan rassan nan na kusa da gindi. Shi ya sa takan tona kanta da tari, da kaki mai jirwayen jini, wani lokaci ta toshe reshe guda sai majina ta taru a bayansa mutum ya dinga yin nimoniya a waje ɗaya sau biyu sau uku. Takan kuma ruɓe a tsakiyarta ta bar rami, kuma ramin nan a hoton ƙirji yana kama da na tarin fuka sosai, ku riƙe wannan za mu dawo kansa. Alaƙarta da taba mai ƙarfi ce.

Adinokasinoma kuwa ta fi fitowa a can gefe, a siraran rassa da jakunkunan iska, daga ƙwayoyin da ke da alaƙa da yin ruwa da majina. Ita ce ta fi yawa yanzu a duniya, wajen kashi 40 na duka. Matsalarta shiru ne da ita, don naman huhu kansa ba ya jin zafi, sai ta yi girma a gefe babu tari babu komai har ta taɓo rigar da ta lulluɓe huhun, lokacin ne za a ji ciwon ƙirji ko ruwa ya taru numfashi ya fara sarƙewa. Kuma ita ce wadda aka fi samu a wanda bai taɓa sa kara a bakinsa ba, musamman mata, duk da cewa a cikin masu ita ɗin ma masu shan taba sun fi yawa.

Ita mai ƙananan ƙwayoyin fa, tunda ƙanana ne ai da sauƙi ko?

Wallahi sunan ne ke yaudara, ita ce ta fi sauri. Tana fitowa daga wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan a hanyar iska masu ɗabi'a irin ta jijiya da fitar da sinadaran saƙo, takan fara a tsakiyar ƙirji, kuma kafin a gano ta yawanci ta riga ta kai hanta ko ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Kusan duk mai ita mashayin taba ne ko tsohon mashayi. Abin da ke karya zuciya a kanta shi ne tana jin kemo da gashin rediyoterafi sosai a farko, ƙarin ya narke a hoto, mara lafiya ya fara cin abinci kowa ya ce alhamdulillahi, sai bayan watanni ta dawo a mafi yawan mutane kuma maganin bai cika yi mata irin na farko ba.

Tana da wasu alamu da ba za ka taɓa kawo huhu a ranka ba. Takan fitar da wani sinadari da ke sa jiki ya riƙe ruwa gishirin jini ya yi ƙasa, sai dattijo ya fara ruɗewa yana sambatu a ce ai jifa ne ko iska. Ko ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jinin kai da hannuwa zuwa zuciya, mutum ya tashi da safe fuska da wuya a kumbure, jijiyoyin ƙirji sun fito raɗau.

Ya shimfiɗar hanyar iska take kafin hayaƙi ya taɓa ta?

Nan ne asalin maganar, don haka ku ba ni lokaci. Cikin bututun iska akwai shimfiɗa siririya, kuma ƙwayoyi iri uku ne suka fi muhimmanci a cikinta. Na farko dogaye ne a tsaye, kowacce a kanta akwai ƙananan gashi wajen 200 da ake kira siliya, suna kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa ɗaya, duka zuwa sama. Na biyu masu yin majina ne. Na uku gajeru ne a ƙasa a zaune, su ne iyaye, idan wata ƙwaya ta mutu a sama su ke rabuwa su haifar da madadinta.

Majinar tana kwance a saman gashin kamar tabarma mai danƙo, ƙurar hunturu da ka shaƙa, toka, ƙwayoyin cuta duk su maƙale, gashin kuma ya yi ta turo tabarmar sama dare da rana har ta iso maƙogwaro ka haɗiye ba ka ma sani ba. Shara ce da ba ta tsayawa. Wanda ya yi tafiya a babur lokacin hazo ya kwana ya tashi ya tofar da kaki mai ƙasa-ƙasa, toh aikin gashin nan ya gani da idonsa.

Sai me ke faruwa idan hayaƙin ya shiga?

Abu biyu ne a lokaci guda, kuma haɗuwarsu ce bala'in. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo kansa. Wasu, irin su akrolin da sayanayid, aikinsu su sanyaya gashin nan su sa ya daina kaɗawa yadda ya kamata, a hankali ya gajarce ya ragu. Wasu kuma, waɗanda ke cikin kwaltar hayaƙin, su ne masu ɓata rubutun gadon ƙwayar. Kun ga ke nan an kori masu shara sannan an zuba guba, gubar da ya kamata a fitar da ita sai ta daɗe kwance a kan shimfiɗar, musamman a mararrabar da bututu ke rabuwa biyu inda iska ke bugun bango.

Tarin asuba na mashayi daga nan yake. Da dare ba ya sha, gashin da ya rage ya ɗan farfaɗo ya fara turo abin da ya taru, ga majina ta ƙaru saboda masu yin ta sun yawaita, dole sai da tari za ta fita. Shi kuma sai ya kunna kara ya ji tarin ya lafa, ya ce ai taba ce ke gyara masa ƙirji. Ba gyara ba ne, ya sake kwantar da masu sharar ne.

Daga nan canjin ke tafiya mataki-mataki cikin shekaru. Da farko iyayen nan na ƙasa suna yawaita saboda gyara ya yi yawa, shimfiɗar ta yi kauri. Sai jiki ya ga masu gashi ba sa jure wannan wuta, ya fara maye gurbinsu da wasu ƙwayoyi shafaffu masu hawa-hawa irin na fata ko cikin baki, kamar yadda tafin hannun manomi ke yin kanta saboda fartanya. Wannan shi ake kira metafilasiya. Ba kansa ba ce, ƙoƙarin kare kai ne, amma sabuwar shimfiɗar ba ta da gashi, don haka shara ta tsaya cak a wajen. Idan hayaƙin ya ci gaba sai ƙwayoyin su fara fita daga tsari, girmansu ya bambanta, cibiyarsu ta yi baƙi ta yi girma, jerinsu ya hargitse, wannan shi ne disfilasiya, akwai mai sauƙi akwai mai tsanani. Mataki na gaba duk kaurin shimfiɗar ya koma ɓatattun ƙwayoyi amma har yanzu suna zaune a kan wani siririn daɓe da ke ƙarƙashinsu ba su huda shi ba. Ranar da suka huda daɓen nan suka shiga nama inda jijiyoyin jini suke, ranar ce ta zama kansa mai yaɗuwa, kuma tunda daga shafaffun ƙwayoyin nan ta fito shi ya sa ake ce mata sikwamos.

Wannan ba hasashe ba ne. Wani likita a Amurka, Oscar Auerbach, shi da abokan aikinsa sun yi shekaru tun daga wajen 1957 suna yanka hanyoyin iskar mamata siri-siri suna dubawa, suka ga yawan waɗannan canje-canje na tafiya daidai da yawan tabar da mutum ya sha a rayuwarsa.

Kin ce ɓata rubutun gado, me ke nan a zahiri?

A cikin kowace ƙwaya akwai DNA, dogon rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A, T, G da C, shi ke gaya mata yaushe za ta rabu yaushe za ta tsaya. Ɗauki sinadari ɗaya cikin kwalta, benzofayirin. Shi kansa da ya shigo bai iya kama DNA ba, jikinka ne a ƙoƙarinsa na narkar da shi ya fitar yake juya shi ya koma wani abu mai manne, sai ya je ya like a harafin G. Akwai masu gyara a cikin ƙwayar, kuma mafi yawan lokaci suna cire shi. Amma idan ƙwayar ta rabu kafin a gyara, mai kwafin rubutun sai ya karanta ba daidai ba, inda G take a samu T, kuma duk 'ya'yan da za ta haifa da kuskuren za su fito.

Mafi yawan kurakuran suna faɗawa ne inda ba su da illa. Matsalar sai in sun faɗa kan wurare na musamman. Akwai TP53, shi ne birki, shi ke tsayar da ƙwayar da ta lalace ko ya umarce ta ta mutu. Akwai KRAS, shi kamar totur ne, kuskure ɗaya na iya sa ya maƙale a take. Mota ba birki ga totur a maƙale, kun san ƙarshenta. A 1996 masu bincike suka nuna cewa wuraren da benzofayirin ya fi likewa a jikin TP53 su ne dai wuraren da aka fi samun kuskure a kansar huhun mashaya, wato kamar an kama ɓarawo da sawunsa. A 2016 kuma wani bincike ya ƙiyasta cewa shan kwali ɗaya kullum na shekara guda na barin ƙarin kurakurai wajen 150 a kowace ƙwayar huhu.

Kuskure ɗaya ba ya yin kansa, sai da yawa sun taru a ƙwaya ɗaya, shi ya sa abin ke ɗaukar shekara 20, 30 ko fiye. Kuma hayaƙin bai tsaya nan ba, kumburin da yake jawowa kullum na sa ƙwayoyi su yi ta mutuwa ana maye su, duk rabuwa kuma wata dama ce ta kuskure ya zauna.

Ba ni misali da mutum na gaske, ya lissafin yake?

Kawun nawa direban babbar mota ne. Ya fara sha yana ɗan shekara 17, shekara 10 na farko kara 10 a rana, wato rabin kwali tunda kwali kara 20 ne, daga baya ya koma kwali guda na shekara 25. Yadda muke lissafi a asibiti shi ne yawan kwali a rana sau yawan shekaru. Rabin kwali sau 10 ya ba da 5, kwali ɗaya sau 25 ya ba da 25, jimla 30. Idan ka buga da ƙiyasin 150 ɗin nan za ka samu kurakurai wajen 4500 a ƙwaya ɗaya, a matsakaici, ga kuma ƙwayoyi bila adadin, ɗaya kawai ake buƙata ta haɗa miyagun.

Yana da shekara 52 tarinsa na kullum ya canja sauti, ya koma mai zurfi, sai ɗigon jini a kaki, sai rama, har wandonsa ya fara zamewa. Aka yi hoton ƙirji aka ga rami a saman huhun dama aka ce tarin fuka ne. Gwajin kaki bai nuna ƙwayar ba amma aka ɗora shi a kan magani, ya sha da gaskiya wata huɗu ba ya fashi, nauyi na ta sauka. Abin da har yau yake damuna shi ne na ga farcensa sun kumbura sun lanƙwasa kamar bayan cokali, na gani da idona ina miƙa masa shayi, amma na ce ai tarin fukar ma na kawo haka, ban matsa ba. Sai da muryarsa ta dushe, saboda ƙarin ya taɓa jijiyar da ke motsa maƙogwaro, sannan aka yi siti sikan, hoton da ke nuna cikin ƙirji dalla-dalla, aka zura kyamara ta hanyar iska aka yanko tsoka. Sikwamos ce, kuma ta wuce tiyata.

Toh ya za a bambance ta da tarin fuka?

Da ido ba za a iya ba, tari, jini, rama, zazzaɓi duka suna yi, kuma a ƙasashenmu tarin fuka ya fi yawa nesa ba kusa ba, don haka likitan da ya fara zarginsa bai yi laifi ba. Inda ake kuskure shi ne tsayawa a nan. Idan gwajin kaki bai nuna ƙwayar ba, ga mutum ya haura 40 yana da tarihin taba, ko an yi wata biyu ana shan magani daidai babu sauƙi, toh a koma a nemi siti sikan. Hoto ma nuni kawai yake yi, abin da ke tabbatar da kansa da irinta shi ne yanko tsoka a duba, bayofsi ke nan. Kuma su biyun na iya haɗuwa a mutum ɗaya.

Da yawa suna tsoron bayofsi wai in ƙarfe ya taɓa ta za ta bazu. Jinkirin ne ke ba ta damar bazuwa. Ba tare da shi ba babu wanda zai san ko tiyata ce ko kemo, kuma a adinokasinoma akan ƙara duba wasu canje-canje a DNA ɗin ƙwayoyin ƙarin, a wurare kamar EGFR da ALK, waɗanda idan an same su akwai ƙwayoyin haɗiya da aka yi musamman don su.

Ni mai filta nake sha, ba ta tace gubar ba?

Tana rage wani ɓangare na kwalta, ba ta sa tabar ta zama lafiya. Mai sha yakan zuƙa da ƙarfi ya kai hayaƙin can ciki don ya samu nikotin ɗin da jikinsa ya saba da shi. Masana da yawa na ganin canjin ƙirar sigari na cikin dalilan da suka sa adinokasinoma ta gefen huhu ta zo ta wuce sikwamos a yawa, wato ɓarnar ta matsa ciki ne. Shisha ma haka, ruwa na sanyaya hayaƙin ne kawai, ga na gawayi an ƙara a kai, ga zaman na iya kai awa guda.

Mahaifiyata ba ta taɓa shan taba ba amma aka ce tana da ita, ta yaya?

Allah Ya ba ta lafiya. Yana faruwa, kuma kada kowa ya sa ta ji kamar ta yi wani laifi. Zama da mashayi a gida na ƙara haɗarin da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Duk abin da ya ƙone bai cinye ba yana fitar da 'yan uwan benzofayirin, shi ya sa hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin kwal na girki a cikin gida a jerin masu jawo kansa tabbas, haka hayaƙin dizal tun 2012, na icce kuma ta sa shi a jerin waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa. Ki tuna iyayenmu mata a ɗakin girki da damina, icce jiƙe, ana hura wuta ido na hawaye, bango ya yi baƙi ƙirin, shekara 40 ana haka. Wasu kuma babu wani hayaƙi a tarihinsu, kuskuren ne ya faru da kansa wajen kwafi, kuma irin su ne aka fi samun canjin EGFR a tare da su.

Amma na san tsohon da ya sha har ya kai 90 lafiya lau.

Ni ma na sani. Gaskiya ne mafi yawan mashaya ba kansar huhu ke kashe su ba, don sai kurakuran sun dace da wuraren nan, kuma ƙarfin gyara ya bambanta tsakanin mutane. Amma haɗarin mashayi ya ninka na wanda ba ya sha sau 15 zuwa 30, abin da aka fara tabbatarwa tun 1950 da binciken wasu masana biyu, Doll da Hill, a Ingila. Tsohon nan shi kake gani saboda shi ya rage, abokan shansa da suka tafi a shekara 55 ba sa zaune a majalisa balle a yi misali da su.

In na daina yanzu shimfiɗar za ta koma yadda take?

Wani ɓangare zai koma, wani ba zai koma ba. Gashin na farfaɗowa cikin makonni zuwa watanni, shi ya sa wasu tarinsu ke ƙaruwa a farkon dainawa har su tsorata su koma, alhali shara ce ta dawo aiki. Metafilasiya da disfilasiya mai sauƙi na iya janyewa. Kuskuren da ya riga ya zauna a DNA ɗin ƙwaya shi kam ba ya gogewa, amma wani bincike na 2020 ya gano cewa a hanyar iskar waɗanda suka daina akwai ƙwayoyi, har zuwa kashi 40 a wasu, da suke kusan kamar na wanda bai taɓa sha ba, alamar akwai iyayen da suka tsira suka sake shimfiɗa wajen. Bayan shekara 10 zuwa 15 da dainawa haɗarin kan sauka zuwa wajen rabin na wanda ya ci gaba. Ba ya komawa daidai da na wanda bai taɓa sha ba, don haka ko ka daina tun shekara 20 da suka wuce, in tari ya haura mako uku ko ka ga jini ko da ɗigo ne, ka je asibiti kuma ka faɗa wa likita da bakinka kara nawa kake sha a rana da shekara nawa ka yi, ko bai tambaya ba.